Yadda Ake Tsara Ajandar Taron Mako Na Minti 45, A Fara Kan Lokaci A Tashi Kan Lokaci

Idan taron mako da aka ce na rabin awa ne ya kai awa biyu, yawanci surutun mutane ake zargi, alhali tun daga takardar ajanda aka samu matsala. Dubi irin ajandar da ake rabawa a yawancin ofisoshi da shaguna: addu'a, jawabin shugaba, rahoton sassa, kuɗi, sito, sauran batutuwa. Babu layi ɗaya a ciki da ya faɗi abin da ake so a yanke, ko wanda zai gabatar, ko yadda za a gane an gama. "Sito" kaɗai yana iya cin minti uku, yana iya cin awa guda, domin duk abin da ya shafi sito ya halatta a kawo shi a ƙarƙashinsa, daga ɓeran da ke huda buhu har makullin da ya ɓata bara.

Gyaran shi ne kowane layi na ajanda ya ɗauki abu uku: tambayar da za a amsa, mutum ɗaya da zai gabatar da ita, da yawan mintocin da aka ba ta. Domin a ga yadda ake yi a aikace, za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce wani kamfani ne na sayar da kayan noma, taki da iri da maganin feshi, shagonsa yana Sabon Garin Zariya, sitonsa yana wajen Dakace. Masu zaman taron su bakwai ne: manaja, akanta, mai kula da sito, masu sayarwa biyu, direba, da sakatariya. Lokacin kuma tsakiyar watan Mayu ne, ana shirin damina.

Tsayar da rana da lokaci

Wannan sau ɗaya ake yin sa, sai a bar shi. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kowane mako. Da zarar aka fara ɗaga taro saboda manaja yana da uzuri, ma'aikata za su koyi cewa lokacin ba tabbas ba ne, su ma su fara zuwa yadda suka ga dama. In manaja ba ya nan, mataimakinsa ya jagoranta.

Ga kamfaninmu, Litinin daga ƙarfe 9:00 zuwa 9:45 na safe ya fi. Ƙarfe takwas ta yi wuri ga wanda zai kai yara makaranta kafin ya taso daga Samaru ko cikin birni, ya ratso cunkoson Kwangila ko Ƙofar Doka. Bayan azahar kuma an ci abinci, jiki ya mutu, masu saye sun cika shago. Juma'a a bar ta, rabin hankalin mutane yana kan shirin masallaci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a jingina ƙarshen taron da wani abu da ba ya ɗaguwa. A nan motar kai kaya tana tashi ƙarfe 10:00, kowa ya san haka, don haka ba wanda zai yi mamaki in aka rufe 9:45. Kada a sa taro ya ratsa lokacin salla. In aka tashi domin salla da niyyar dawowa, rabin mutane ne ke dawowa, su ma sai an sake maimaita musu inda aka tsaya.

Gaisuwa tana da haƙƙinta, kuma ba za a hana ta ba. Sai a ba ta wuri a wajen mintoci 45 ɗin: a buɗe ɗaki tun 8:50, a gaisa, a tambayi iyali, a yi wa mai haihuwa barka, a yi wa mai rashi ta'aziyya. Ƙarfe tara na bugawa a yi addu'a a shiga aiki, ko da mutum huɗu ne suka iso.

Tattara batutuwa da tace su

Sakatariya ce ke karɓar batutuwa, ta rukunin WhatsApp na ma'aikata ko baki da baki, kuma ƙofa tana rufewa ranar Asabar da azahar. Duk wanda ya kawo batu za ta yi masa tambaya ɗaya: "Me kake so a yanke a kai?" In bai da amsa, batun bai nuna ba tukuna.

A ce a wannan makon batutuwa shida suka zo. Takin NPK ya kusa ƙarewa. Dillalai uku sun wuce wa'adin biyan bashi. Tayar motar kai kaya ta suɗe. Ɗaya daga cikin masu sayarwa yana neman hutun kwana uku. An canza lambar asusun banki da ake turo kuɗi. Sannan wani ya kawo shawarar a buɗe reshe a Giwa.

Manaja da sakatariya za su zauna minti goma su tace. Canjin lambar asusu sanarwa ce, a rubuta a rukuni, ba ya buƙatar mutum bakwai su zauna. Hutu magana ce tsakanin mai nema da manaja. Taya kuwa manaja da direba za su gama ta a tsaye a bakin mota. Reshen Giwa babban batu ne da ba zai shiga minti goma ba, kuma ba a tara bayanansa ba, don haka a sa masa zama na daban. Abin da ya rage biyu ne, taki da bashi, kuma su ne kaɗai suka cika sharaɗin shiga taro: suna buƙatar a yanke hukunci a wannan makon, kuma hukuncin yana buƙatar bayanin da ke hannun mutum fiye da biyu. Taron minti 45 ba ya ɗaukar fiye da manyan batutuwa biyu, uku in ƙanana ne. Wanda aka cire batunsa a gaya masa inda aka kai shi da ranar da zai ji amsa, in ba haka ba zai ɗauko shi a tsakiyar taro, kuma da gaskiyarsa.

Mayar da batu tambaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kasala. Kada a rubuta "Taki". A rubuta: "Mu yi odar tirela guda ta NPK, buhu 600, a wannan makon, ko mu ɗauki rabi?" Bambancin a fili yake. Ta farko tana gayyatar kowa ya faɗi abin da ya sani game da taki, har da tsadarsa da yadda ake yi a da. Ta biyu tana da amsa biyu kacal, kuma da zarar an zaɓi ɗaya kowa ya san an gama. Ita ce kuma ke ba shugaban taro hujjar dawo da wanda ya kauce, domin akwai abin da zai nuna ya ce ba wannan ake tambaya ba.

Tambaya mai kyau ana gane ta da abu biyu. Na ɗaya, ana iya amsa ta da e ko a'a, ko da zaɓi cikin biyu ko uku, ko da adadi, ko da sunan mutum. Na biyu, mai ikon yanke ta yana cikin ɗakin. In Alhaji mai kamfani ne kaɗai ke sa hannu kan odar tirela, kuma ba ya zuwa taron, to tambayar ta canza, ta koma "Wace shawara za mu kai wa Alhaji yau, tirela ko rabi?" Rashin lura da wannan ne ke sa a shafe minti ashirin ana muhawara, a ƙarshe wani ya ce ai sai an ji ta bakin Alhaji.

A ƙarƙashin kowace tambaya a sa layi biyu ko uku na bayanan da ake buƙata domin amsa ta, kuma mai gabatarwa ne zai kawo su kafin a fitar da ajanda. Na taki ga su: saura buhu 180 a sito, ana sayar da kimanin 70 a mako, kaya kan ɗauki kwana 10 daga oda zuwa saukewa. Duk wanda ya karanta wannan a gida zai iya yin lissafin da kansa. Buhu 180 a kan 70 a mako kwana 18 ne. A cire kwana 10 na hanya, saura kwana 8. In aka ɗaga hukuncin zuwa Litinin mai zuwa, kwana ɗaya tak ya rage, kuma wannan lissafin bai sa da cewa ciniki zai ƙaru da zarar ruwa ya zauna an fara shuka masara ba. Mutum ya shigo taro da wannan a kansa, ba sai an ɓata minti biyar ana fahimtar da shi cewa abin na gaggawa ne ba.

Tambayar bashi ita ma haka: "Dillalai uku da suka wuce kwana 30 ba su biya ba, mu dakatar da ba su kaya daga yau, ko mu ƙara musu mako guda?" Akanta ce mai gabatarwa, ita za ta sa adadin da ake bin kowanne da ranar da ya karɓi kaya.

Rabon mintoci

Ga yadda takardar za ta fito, shafi ɗaya:

9:00 Addu'a da karanta tambayoyin yau. Manaja, minti 2.
9:02 Ayyukan da aka ɗauka makon jiya, an yi ko ba a yi ba. Sakatariya, minti 8.
9:10 Alƙaluman mako: ciniki, kayan sito, bashi. Akanta, minti 5.
9:15 Odar NPK, tirela ko rabi? Mai kula da sito, minti 12.
9:27 Dillalai uku, dakatarwa ko ƙarin mako? Akanta, minti 8.
9:35 Karanta matsaya: wa, me, yaushe. Sakatariya, minti 5.
9:40 Rara, minti 5.
9:45 Rufewa.

A lura an rubuta lokacin agogo, ba yawan minti kaɗai ba. In an rubuta "minti 12" kawai, sai wani ya tuna lokacin da aka fara sannan ya yi lissafi. In an rubuta 9:27, kowa ya kalli agogon bango ya san ko an makara. A haɗa mintocin a tabbata sun ba da 45, domin sau da yawa ana rubuta ajandar da jimillarta ta kai awa guda a sa mata taken minti 45, tun kafin a zauna an riga an makara.

Rarar minti biyar ba a cika ta da komai. Ita ce ke shanye ɗan abin da ya zarce, kuma in ba a taɓa ta ba a tashi 9:40, ba wanda zai yi ƙorafi. Batu mafi nauyi shi ake sawa farko cikin tambayoyi, lokacin da kai yake sabo, domin in lokaci ya ƙure ƙaramin ne zai sha wuya.

Abu biyu babu su a takardar, kuma da gangan ne. Na farko zagayen rahoto, inda kowa zai faɗi abin da ya yi a mako. Mutum bakwai, kowa minti biyar, minti 35 ke nan, saura goma ga duk abin da aka taru dominsa. Kuma yawancin rahoton manaja kaɗai ya shafa, sauran suna zaune suna latsa waya. Kowa ya tura nasa a layi uku ranar Asabar, wanda rubutu ke ba shi wahala ya yi saƙon murya na minti ɗaya. Na biyu shi ne "sauran batutuwa". Wannan layin ƙofa ce da aka bari a buɗe ga duk abin da aka ƙi tacewa, kuma yakan zo daidai lokacin da kowa ya gaji. In abin gaggawa na gaske ya taso bayan an rufe karɓar batutuwa, a faɗe shi a minti biyun farko, shugaba ya yanke nan take: ko ya maye gurbin tambaya ta biyu, ko ya shiga rara, ko a gan shi bayan taro.

Ajanda ta fita ranar Asabar da yamma. Ranar Litinin a buga kofi bakwai, ko a rubuta ta a allo da manyan baƙi. Kada a dogara da na'urar haska bango, in aka ɗauke wuta sai a tsaya jiran janareta. Kada kuma a ce kowa ya duba a wayarsa, domin wanda ya buɗe waya don ajanda saƙonni zai tarar suna jiransa.

Yadda zaman yake tafiya

Aiki uku ne, kuma mutum uku za su riƙe su: shugaban taro, mai rubutu, da mai agogo. Kada shugaba ya haɗa da agogo, domin shi ne ya fi kowa zarcewa. Mai agogo yana iya zama ƙarami a cikin ma'aikata, a riƙa juyawa duk wata, amma sai manaja ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa ya ba shi izinin tsayar da kowa, har shi manajan. In ba a yi haka ba, yaro ba zai katse babba ba, kuma ba laifinsa ba ne, tarbiyya ce. Abin da zai faɗa ma a tsayar masa: "Saura minti uku," sannan "Lokaci ya yi." Wasu sukan sa ƙararrawar waya ta yi maganar, hakan yana rage nauyin baki sosai.

Sashen ayyukan makon jiya shi ne ke gina mutuncin taron ko ya rusa shi. Sakatariya ta karanta aiki da sunan mai shi, shi kuma ya amsa da ɗaya cikin uku: an yi, ba a yi ba ga sabuwar rana, ko na maƙale ina neman taimakon wane. Ayyuka takwas a minti takwas, minti ɗaya kowanne. Wurin da ake zamewa shi ne bayanin dalili. Direba ya ce bai kai kayan Soba ba, sai ya fara labarin yadda mota ta yi a hanya, mai sito ya ce ai shi ya loda tun Laraba, kafin ka ankara minti shida sun tafi. Shugaba ya tare da wuri: "Malam, mun ji ba a kai ba. Yaushe za a kai?" In dalilin yana buƙatar bincike, a rubuta shi a gefe.

Wannan gefen takarda ce ko kusurwar allo da aka ware domin maganganu masu amfani da suka zo ba a muhallinsu ba. Amfaninta shi ne mai magana ya ga an rubuta abin da ya faɗa, bai ji an wulaƙanta shi ba. Amma tana aiki ne kawai in ana komawa kanta. A ƙarshen taro kowane abu da ke ciki a ba shi makoma, ko ajandar mako mai zuwa, ko mutum biyu su gana, ko a yar da shi a fili.

Alƙaluman mako ba a karanta su duka, suna kan takarda. Akanta ta faɗi wanda ya kauce daga yadda aka saba kawai.

Yanzu tambayar taki, minti 12. A raba su uku. Minti biyu na farko mai kula da sito ya maimaita tambayar da alƙaluma, ya kuma faɗi nasa ra'ayin: tirela guda. Dole mai gabatarwa ya zo da shawara, domin gyara shawarar da ke ƙasa ya fi sauri a kan ƙirƙiro ta a cikin taro. Minti bakwai na tsakiya na tattaunawa ne, kuma shugaba ya fara da ƙananan ma'aikata, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. In manaja ya fara faɗin ra'ayinsa, sauran za su ce "haka ne, Yallaɓai," bayanin da ke cikinsu ya tafi da su gida. Mai sayarwa ya ce manoman wajen Maigana sun fara tambaya, ciniki zai wuce 70. Akanta ta ce kuɗin da ke asusu buhu 400 zai saya, ragowar 200 sai in mai kawo kaya ya yarda a biya bayan mako biyu. Mai sito ya ce wuri zai ɗauki 600 in an matsar da buhunan iri.

A daidai nan ne ɗaya mai sayarwar zai ce, tunda ana maganar taki, yuriya ma fa saura buhu 60. Magana ce mai kyau, kuma ita ce irin wadda ke kashe taro, domin tana kama da tana cikin batu. Shugaba ya ce: "Gaskiya ne, Malama ki rubuta mana yuriya a gefe. Ita sai masara ta tasa ake nemanta, za ta shiga mako mai zuwa. Yanzu NPK, tirela ko rabi?" Komawa kan lafazin tambayar shi ne makamin, ba ɗaga murya ba.

Mai agogo ya ce saura minti uku, sai a daina karɓar sabon ra'ayi. Shugaba ya faɗi matsaya da cikakkiyar jimla: za a yi odar tirela guda in mai kawo kaya ya yarda da jinkirin mako biyu kan buhu 200, manaja zai kira shi kafin ƙarfe 12:00 na yau, in ya ƙi a ɗauki 300 a raba mota da wani shagon. Sannan ya tambaya: "Akwai wanda ya ga abin da zai hana wannan aiki?" Wannan ta fi "kowa ya yarda?" domin shiru ba yarda ba ne, sau da yawa kunya ce, kuma mutum ya fi iya faɗin cikas a kan ya ce bai yarda da manaja ba.

In lokaci ya cika ba a cimma matsaya ba, hanya uku ce, kuma a zaɓi ɗaya a bayyane. Ko a ci minti uku daga rara, sau ɗaya tak. Ko mai iko ya yanke da abin da aka ji. Ko a gano bayanin da ya ɓace, a ɗora wa mutum ɗaya ya nemo shi zuwa wata rana. Abin da ba a yi shi ne a ci gaba da magana kamar ba a ji mai agogo ba. Ranar da aka yi haka sau ɗaya, mai agogo ba zai sake buɗe baki ba.

Wanda ya makara ya zauna shiru, ba a koma masa baya. Zai ga matsaya a rubuce. In direba yana hanya ya shiga ta waya, a ba shi dama ya fara magana a batun da ya shafe shi, kafin layi ya yanke.

Minti biyar na karanta matsaya

Kada a taɓa sadaukar da wannan sashen don wani batu ya zarce, gara a yanke tambaya ta biyu. Taron da aka tashi ba a karanta wa zai yi me ba, taron tsintsiya ne babu shara. Sakatariya ta karanta kowace matsaya da murya, kowacce da aiki, suna ɗaya, da rana. "Za a tuntuɓi dillalai" ba matsaya ba ce, domin babu wanda za a tambaya ranar Litinin. "Akanta za ta kira dillalai uku yau, ta gaya musu an dakatar da kaya har sai sun biya rabi, ta ba da amsa a rukuni ranar Laraba kafin la'asar," wannan ita ce matsaya. In aka sa suna biyu a aiki ɗaya, kowanne zai zaci ɗayan ya yi. Mai aikin ya amsa da bakinsa cewa ya karɓa. Zai ce in sha Allahu, kuma daidai ne, amma ranar ta zauna a rubuce kusa da sunansa.

Takardar matsaya ba labarin taro ba ce. Ba a rubuta wane ya ce, wance ta ce. Layi biyar zuwa takwas sun isa, kuma su shiga rukuni kafin azahar ta ranar. Wannan takardar ita ce za ta zama sashen 9:02 na mako mai zuwa, ba sai an sake rubuta komai ba.

Yadda ake gane inda tsarin yake yoyo

Makonni huɗu na farko, mai agogo ya riƙa rubuta ainihin lokacin da aka fara kowane sashe a gefen wanda aka tsara. Takardu huɗun nan za su nuna ciwon da kansu. In kullum 9:10 ake farawa maimakon 9:00, a duba ko manaja ne ke makara, domin ba wanda zai riga shi zama. In sashen makon jiya yana cin minti 15, ko ana sauraron uzuri, ko ayyukan sun yi yawa, a rage su zuwa waɗanda aka ɗauka a taro kawai. In tambayar farko ce ke zarcewa kullum, yawanci alƙaluma ba sa zuwa kafin taro, ana neman su a cikin zama, mai sito yana buɗe littafi ana jiransa. Maganin wannan mai ɗaci ne amma yana aiki: batun da bayanansa ba su iso ranar Asabar ba, ba ya shiga ajanda.

Batun da ya dawo mako uku a jere alama ce ta daban. Ko ya yi girma sai an gutsura shi, ko mai yanke shi ba ya cikin ɗakin, ko kuma akwai saɓani tsakanin mutum biyu da ba za su faɗa a gaban jama'a ba. Na ukun ana gane shi da cewa duk lokacin da aka zo kansa mutum biyun nan ne ke magana, sauran suna kallon ƙasa. A fitar da shi daga taro, manaja ya zauna da su su uku. Haka ma gyaran kuskuren ma'aikaci ɗaya, ba a yin sa a taron mako. Yana cin lokaci, yana kuma sa sauran su rufe baki a makonnin da ke tafe.

Da azumi a rage zaman zuwa minti 30 da babbar tambaya ɗaya, a bar shi da safe. A tsakiyar damina, lokacin da shago ba ya samun sarari, ana iya yin sa a tsaye cikin minti 20, a riƙe ayyukan makon jiya, tambaya ɗaya, da karanta matsaya. In kuwa Asabar ta zo babu batun da ya tsallake tacewa, sakatariya ta sanar cewa ranar Litinin bibiyar ayyuka kawai za a yi, minti goma, daga 9:00 zuwa 9:10.